Zabi Biyun da Na Kai Ofishin Ilimi

Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman wawan labarin nan. Ni ne. Na faɗa tun da wuri don kada a kai tsakiya wani ya ce ya gano ni, alhali ni na kawo kaina.

Aji huɗu na yi a firamare kafin mahaifina ya ce gona ta fi allo buƙatata. Aji huɗun nan kuwa na ci moriyarsu fiye da yadda wasu suka ci moriyar digiri. Shekara arba'in ni ke karanta wa unguwarmu wasiƙa, ni ke duba kwalin magani in ce safe da yamma ne, ko da kwalin bai ce haka ba. Mutumin da aka daɗe ana tambayarsa yakan manta yadda ake yin tambaya. Cutar da ta kama ni ke nan, kuma ba ni na kwanta jinyarta ba.

Ɗana na fari malamin lissafi ne a ƙaramar sakandaren garinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi, ba kuma zan fara a takarda ba. Malamin nake ce masa. Uwarsa ko hakan ba ta cewa. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", tana kallon wani wurin. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma ta riƙe ta gam. Ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta dama kunu ta aika jika ya kai.

Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ya yi, kuma tun yana can yake cewa injiniya zai zama. Shekarar da ya gama na kwanta ciwon ƙafa damina guda, gida ya tsaya cik. Sai ya shiga kwalejin horon malamai, don ita ce kusa, ita ce kuma mai saurin kai mutum ga albashi. Bai taɓa yi mini gori a kan wannan ba. Ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, don a gidanmu ba a saba ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce manomi me zai yi da albashi. A nan gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida, babu daji ko na ɗaure akuya. Abin da kakana ya noma shi kaɗai, yau gida tara ne a kai. Nawa rabon, in damina ta yi kyau, yakan kai mu wata bakwai. Sauran watannin albashin Malamin ne ke tuƙa tuwo. Shi ne taki, shi ne maganin hawan jinin uwarsa, shi ne sabulun 'ya'yansa huɗu. Albashin ba shi da ƙiba, wani lokacin ma sai ya yi nawa a hanya, amma yana zuwa.

A noma dai ba na jin kunyar kowa. Gonata ƙarama ce, amma ba ta zama da abu ɗaya. Ruwan fari in shuka gero, in bi da dawa tsakanin layi, in geron ya kai ƙugu in sa wake a gindinsa. Waken yana nan a inuwa yana kama ƙasa a hankali, sai an girbe gero sannan ya samu sarari ya yaɗu. Na faɗi wannan ne don a san wautata ba ta ko'ina ba ce, tana da inda take sauka.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ina gindin darbejiyar ƙofar gida, Malamin ya zo ya tsuguna can gefe, ba kusa ba, yadda ya saba.

"Baba, ina so in bar koyarwa."

"Ka koma ina? Kasuwar kaji?"

"Aikin kwamfuta."

"Irin na yaran nan masu cajin waya a bakin tasha?"

Ya yi murmushi, ya ɗauki tsinke. Ya ce aikin da yake nufi na tsara bayanai ne. Kamfani yakan tara bayanan ciniki da na kaya har su yi masa yawa, kamar hatsin da aka sussuka ba a sheƙe ba. Sai a samu wanda zai fitar da ƙaiƙayi, ya cire abin da aka rubuta sau biyu, ya gyara wanda aka rubuta ba daidai ba, ya jera su, sannan ya yi wa na'ura tambaya da yarenta ta ba shi amsa: wane kaya ne ke tafiya, a ina, a wane wata. Ya ce rabin aikin lissafi ne, lissafi kuwa shekara goma sha uku yana koyar da shi.

Na ce, "To albashin fa?"

"Shi ya sa na zo. Ba zan sake shi ba sai na kama wani."

Ya ja layi biyar a ƙasa. Na farko, zai koya da kansa a gida bayan an tashi daga makaranta. Na biyu, zai yi aikin da zai iya nunawa, don masu ɗaukar irin wannan aiki sun fi son ganin abin da hannunka ya yi a kan takardar da ka riƙo. Na uku, ƙananan ayyuka ranar Asabar da lokacin hutu. Na huɗu, gwaji a kamfani. Na biyar, in sun ba shi takardar ɗauka ta dindindin, sai ya rubuta ta ajiye aiki, ya ba da sanarwa yadda doka ta ce, ya kai ɗalibansa ƙarshen zango, ya fita ta ƙofa.

"Shekara nawa ke nan?"

"Uku, in Allah ya so."

"Shekara uku? Ai ko raƙumi aka aika Makka ya dawo."

Ya share layukan da tafin hannu, ya ce, "Baba, don Allah maganar ta tsaya a gida." Na ce wa zan gaya wa. Na faɗa har da ɗan fushi, irin na wanda aka zarga da abin da yake shirin yi.

Shekarar farko abin dariya na mai da shi. Da waya ya fara, yana sauraron darasi a zaure yana rubutu a littafin ɗalibai. Daga baya ya sayi laftof ta hannu, wadda batirinta ba ya kai ko tsawon huɗuba, sai ya haɗa da ƙaramar sola a kan rufin ɗakinsa. Sabis ba ya kama sosai sai a kusurwar zaure ta gabas, don haka nan ya zama ofis. In na wuce sai in ce, "Ranka ya daɗe, injiniya, yau jirgi nawa aka ƙera?" Ya ce, "Saura fukafuki, Baba." Da asuba bayan salla awa ɗaya, bayan la'asar awa biyu. Ya daina zuwa kallon ƙwallo, ya daina zaman majalisa. Abokansa suka ce ya fara girman kai.

Aikin nunawa na farko a makarantarsu ya yi shi. Da can in an gama jarrabawa sai malamai su yi sati biyu suna haɗa maki da hannu, a yi kuskure, uwa ta zo ta yi rantsuwa ɗanta ba na ashirin ba ne. Shi ya tsara musu yadda za a zuba maki kawai, na'ura ta haɗa, ta fitar da matsayin kowa, har ta nuna wane aji ne ke faɗuwa a wane darasi. Shugaban makarantar, dattijo mai sanyin hali, ya ji daɗin abin har ya zo gida ya gaishe ni. Shi kaɗai ne a makarantar ya san inda Malamin ya dosa.

Shekara ta biyu ya shiga ajin Asabar a birni. Ya hau babur zuwa titi, ya hau mota, ya dawo da magariba idanunsa jajir. Sai ya fara ɗan samun aiki: ya tsara wa wani mai kemis yadda zai san maganin da ya kusa lalacewa, ya tsara wa wani dilan taki lissafin buhunansa. Abin da suka ba shi bai taka kara ya karya ba, data da kuɗin mota ke cinye shi. Wurare da dama ya nema suka ƙi shi. Wasu ko amsa ba su ba shi ba. Wani wurin suka ce shekarunsa sun yi yawa ga mai farawa. Ranar ya dawo bai ci tuwo ba, da asuba kuma na ji shi a kusurwar gabas yana ƙwanƙwasa.

A shekara ta uku, dab da babban hutu, wani ƙaramin kamfani a Rijiyar Zaki mai tsara wa 'yan kasuwa bayanansu ya kira shi. Suka ba shi jarrabawa ya ci. Suka ce gwaji na wata shida. Sati shidan hutu zai riƙa zuwa kullum. In an koma makaranta, kowace rana ƙarfe huɗu da rabi zai shiga taronsu ta waya, ana ganin juna, kowa ya faɗi abin da ya yi da inda ya maƙale, ya yi aikinsa da yamma, ranar Asabar ya je ofis. Ɗan alawus za su riƙa ba shi. In wata shida ya cika sun gamsu, su ɗauke shi.

Ya dawo da laftof sabuwa fil ta kamfani, da kati mai hotonsa da igiyar ratayawa a wuya. Na juya katin nan gaba da baya.

"To, an samu ke nan."

"Ba a samu ba, Baba. Gwaji ne. Mu uku ne, kuma ba lalle su ɗauki kowa ba."

A nan wautata ta sauka. A ƙasarmu ba wanda ke faɗin samunsa. Manomi ya cika rumbu har ya rasa inda zai sa dami, ka tambaye shi ya ce, "An ɗan taɓa." Mai shanu goma ya ce yana da 'yar maraƙa. Tsoron bakin mutane ne, kuma ni kaina haka nake yi. Da na ji ɗana ya ce gwaji ne, sai na ce a raina yaro ya yi hankali, ya iya ɓoye arziki. Wa zai ba ɗan gwaji na'ura mai tsadar san noma? Na yi masa kallon mun fahimci juna, na gyaɗa kai. Shi kuwa gaskiya tsirara ya gaya mini, irin ta masu lissafi.

Akwai ɗan marigayi ƙanena, yaron da ya tashi a hannuna. Ya gama NCE shekara biyar ke nan, yana zaune yana sayar da fetur a kwalba a bakin titi. Kullum na wuce shi sai in ji kamar ƙanena yana kallona. A wajenmu kuwa in aka ji malami zai yi ritaya ko ya rasu, tun kafin a share makoki masu 'ya'ya sun fara sintiri, kowa yana neman a sa nasa a gurbin. Wanda ya riga kai gaisuwa shi ake ganin ya riga. Ko hakan na aiki ko ba ya yi, ban taɓa bincika ba, haka dai na ga ana yi. Sai na zauna na yi lissafi irin na ɗan aji huɗu: Malamin zai fita, gurbi zai buɗe, in na yi shiru wani zai shige. Gurbin gidanmu ne, me zai sa ya bar gida?

An koma makaranta da sati uku, mun gama girbin gero. Ranar wata Talata na sa babbar rigata ta Idi, na kama zabi biyu masu ƙiba na ɗaure ƙafafunsu. Uwargida tana tankaɗe ta ɗago.

"Malam, ina zuwa da zabina?"

"Harkar manya."

"Allah ya sa manyan su san da zuwanka."

A ofishin ilimi na yankinmu akwai wani babba, ɗan abokina na ƙuruciya. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwa. Zabin suna ƙarƙashin kujera suna kuka, ni ina sama ina nawa. Na ce masa ɗana ya samu babban aiki a kamfanin kwamfuta a birni, har an ba shi na'ura da kati, ya kusa ajiye alli. Na ce na zo tun da wuri ne a riƙe mana gurbin saboda ɗan ƙanena.

Ya ajiye biro. "Baba, tun yaushe yake aikin?"

"Tun hutu. Kullum da yamma yana ciki, Asabar ma can yake wuni."

Akwai mutum uku a ofishin, duk suka daina abin da suke yi. Ni kuwa na ɗauka sha'awa ce, na ƙara da cewa shugaban makarantarsu ma ya sani, yana sa masa albarka.

"Baba," in ji shi a hankali, "gurbi ba gado ba ne. Ba mu ke ɗaukar malamai a nan ba, daga sama ake yi, kuma yanzu ba a ɗauka. Maganar da ka faɗa kuma, da ni kaɗai na ji ta da sauƙi."

Ya ce in tafi da zabina. Na ƙi, na ce kyauta ba ta komawa. Na fito ina jin na yi abin da ya kamata dattijo ya yi.

Bayan kwana tara mai duba makarantu ya zo. Ya duba rajista, bai samu ranar da Malamin ya yi fashi ba. Ya duba littafin shirin darasi, cike yake. Amma ya miƙa masa takardar tuhuma: ya yi bayani a rubuce, shin yana wani aiki bayan na gwamnati? Ashe ƙa'ida ba ta yarda ma'aikaci ya haɗa da wani aikin ba, in ba noma ba. Rabin malaman da na sani suna da abin da suke taɓawa, wani shago, wani ɗinki, wani babur, kowa ya sani, ba mai magana. Ba a taɓa samun wanda ubansa ya sa rigar Idi ya je ya kai rahoto a gaban shaidu ba.

Shugaban makarantar ne ya zo ya same ni a gindin darbejiya. Shi ma an ba shi tasa takardar. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, kai ka je ofis?"

"Na je neman alheri."

"Saura wata uku da 'yan kwanaki ya rage masa. Wata uku kawai." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Shekara talatin ina aikin nan, ban ga malamin da ya shirya fitarsa da tsabta kamar ɗanka ba."

Malamin ya amsa takardar da gaskiya, don bai iya wani abu ba. Ba a kore shi ba, ba a taɓa albashinsa ba. An ja masa kunne, sannan bayan sati biyu takardar canjin wurin aiki ta fito. Aka tura shi wata makaranta can ƙarshen yankin, wadda ta shekara biyu ba malamin lissafi. Ba zan ce an zalunce shi ba, yaran can ma 'ya'yan mutane ne. Amma tafiyar awa biyu ce a babur ta hanyar yashi, ba wuta, sabis kuwa sai an hau wani tudu a bayan gari, shi ma in ya ga dama.

Ya gwada. Litinin da asuba ya tafi, ya kwana can a ɗakin da mai gari ya ba shi, Juma'a ya dawo. Ƙarfe huɗu da rabi ya hau tudu da laftof a cinya, murya ta tafi ta dawo, hoto ya daskare. Bayanan da zai jawo ya yi aiki a kansu ba sa saukowa. Rahoton da ake jira Litinin ya kai Laraba. Sau biyu ya rasa taro gaba ɗaya. Shugabar sashensu a kamfanin, wata mata da ya ce ba ta da wasa amma tana da adalci, ta kira shi ranar Asabar. Ta ce aikinsa in ya iso ba ta samun abin gyarawa, amma ba ya isowa a kan lokaci, masu kaya kuma ba sa jira. Ta ba shi zaɓi: ya ajiye koyarwa yanzu ya dawo gaba ɗaya ya ƙarasa gwajin a kan alawus ɗin nan, ba tare da ta yi masa alkawarin ɗauka ba, don ba ita kaɗai ke yankewa ba. Ko kuma su rabu lafiya.

Da ya gaya mini, na ce, "Ka ajiye. Ka tafi. Zan sayar da san noma."

"In an cinye san fa, Baba?"

"Ai za su ɗauke ka."

"In ba su ɗauka ba? Ga maganin Inna, ga yara, ga rumbu ba zai kai bazara ba. In na fita daga gwamnati ba a komawa. Duk abin da na tsara, don kada gidan nan ya wayi gari ba albashi na tsara shi. Ba zan rushe shi da hannuna ba."

Bai ce kai ka rushe ba. Na jira ya faɗa, na ma so ya faɗa, don in samu abin da zan yi fushi a kai. Bai faɗa ba. Har yau bai faɗa ba.

Asabar ta gaba na gan shi a zaure da sassafe. Ya goge laftof ɗin kamfani da gefen rigarsa, ya naɗe wayar cajin yadda aka ba shi ita, ya sa katin a aljihun jakar. Ƙaramar 'yarsa ta ce, "Abba, yau ba za ka rataya hotonka ba?" Ya ce yau a'a. Ya tsuguna ya gaishe ni kamar kullum, ya tafi. Da la'asar ya dawo hannu sake. Daga baya muka ji cikin sauran biyun sun ɗauki ɗaya, yaron da Malamin ke nuna wa aiki a lokacin hutu.

Ɗan ƙanena yana nan da kwalabensa. Da ya ji abin da na yi dominsa sai ya daina shigowa gidan, wata biyu yana kewaye ƙofarmu. Malamin ne ya je har bakin titi ya kamo hannunsa ya kawo shi cin tuwo.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Yana can yana koyarwa, an ce yaran sun fara cin lissafi, har iyayensu na aiko masa da gyaɗa. Ya koma layi na uku cikin layukan nan biyar da ya ja a ƙasa. Tsohuwar laftof ɗinsa ya gyara, Asabar da Lahadi yana kusurwar gabas, yana yi wa mai kemis da dilan taki, yana aika takardun nema. Ya nemi a dawo da shi kusa, an ce ya jira. Furfura ta fito masa a gemu. Na daina ce masa injiniya. In na zo wucewa ta zaure sai in rage tari, in taka a hankali, kamar mai wuce masallaci ana salla. Ba ya gaya mini inda ya nema kuma, ni ma ba na tambaya. Wannan shirun shi ne hukuncina, kuma ya yi mini daidai.

Sai dai tsoho ba ya rasa kare kansa. Rannan da damina, Litinin da safe, ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya tafi cikin yayyafi. Na shigo tsakar gida da ƙwaryar irin wake zan tafi gona. Uwargida tana bakin murhu, ta bi ƙarar babur ɗin da kunne har ta ɓace, ba ta ɗago ba. Shirun ya yi mini nauyi, sai na fara magana, ni da ita ko ni da bango.

Na ce in an duba da kyau ai niyyata mai kyau ce. Na ce maraya na je nema wa. Na ce da yaron ya yi mini bayani sosai da ban je ba. Na ce shi ma da nasa, wa ya taɓa jin an shekara uku ana fita daga ɗaki ɗaya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje? Namiji in zai tashi ya tashi kawai.

Shekara kusan arba'in matar nan ba ta taɓa sa baki a maganar ɗanta na fari ba, ko a gabana ko a bayana. Ta ajiye muciya, ta dubi ƙwaryar da ke hannuna, sannan ta dube ni.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan kake sa wake a gindin gero. Ban taɓa ganin ranar da ka tuge geron don wake ya tsiro ba. Sai a gonar ɗana ka manta noma?"

Ɗana, ta ce. Na juya, ni da ƙwaryata da aji huɗun nan nawa, muka kama hanyar gona.